An ce akwai ƙwayar cuta a fitsarina, ni kuwa lafiyata lau

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni 'yarki ce daga Garwa, cikina na fari ne, wata uku da 'yan kwanaki. Da na fara zuwa awo sai aka sa ni gwajin fitsari, takarda ta fito an rubuta E. coli da lamba 100,000, aka rubuta mini magani sefaleksin na kwana bakwai. To ni wallahi ba abin da ke damuna, ba zafin fitsari, ba ƙaiƙayi, ba zazzaɓi. Uwar mijina ta ce kada in sha, mai lafiya ba ya shan magani, kuma ƙwayar Bature ɓarin ciki take sawa. Maigida ya ce neman kuɗi ne kawai na 'yan asibiti. Takardar tana cikin jakata yau kwana biyar. Gwaggo ki faɗa mini gaskiya, in sha ko in bari?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raba ku lafiya.

Ki sha. Yau ɗin nan nake so a sayo shi, kada a kai gobe. Na fara da wannan ne saboda kwana biyar sun riga sun tafi, sauran bayani kuwa ki karanta shi a natse, domin ki samu abin da za ki faɗa wa mutanen gida.

Da ba ki da ciki, da ni ma na goyi bayan Hajiya uwar mijinki. Mace marar ciki idan aka ga ƙwayar cuta a fitsarinta alhali ba ta jin komai, likita mai sani ba ya ba ta magani, domin sau da yawa jiki yakan kore ta da kansa, kuma shan maganin ba ya ƙara mata komai. Saboda haka maganar Hajiya tana da tushe, ba daga sama ta tsinto ta ba. Cikin nan da ke jikinki shi ya juya lissafin.

Ga yadda abin yake. Ƙoda biyu ne a bayanki, dama da hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Su suke tace jini su fitar da fitsari, ya gangaro ta wasu siraran hanyoyi guda biyu zuwa mafitsara. A jikin da ba ciki, hanyoyin nan suna matsawa a kai a kai, suna tura fitsari ƙasa, kamar ruwan Binuwai da damina, abin da ya faɗa ciki ba ya samun wurin zama. Da ciki ya shiga sai jiki ya ƙara yawan wani sinadari da ake kira forojestaron. Aikinsa ya sassauta naman mahaifa don kada ta matse ta fitar da ɗan tayi. To amma ba mahaifa kaɗai yake sassautawa ba, har da hanyoyin fitsarin nan da mafitsarar kanta. Sai su saki, su faɗaɗa, fitsari ya riƙa tafiya a hankali. Da ciki ya ƙara girma kuma sai mahaifa ta danne hanyoyin, musamman ta dama. Mafitsara ba ta juye duk abin da ke cikinta, kullum ana barin ɗan saura. Ga shi fitsarin mai ciki yakan ɗauko ɗan sukari fiye da na da. Ruwa mai ɗumi, mai ɗan zaƙi, wanda ba ya gudu sosai: ƙwayar cuta ba ta neman wurin da ya fi wannan. Tana hayayyafa a mafitsara shiru, ranar da ta samu dama sai ta bi hanyar nan da ta saki ta hau zuwa ƙoda.

Waccan da aka rubuta miki a takarda ƙwaya ce da ke zaune a hanjin kowa, ni da ke da Hajiya duka. A hanji ba ta cutarwa. Hanyar fitsarin mace gajera ce, ba ta fi tsawon gaɓa biyu na yatsa ba, kuma tana kusa da dubura, shi ya sa ƙwayar ke ƙetarowa cikin sauƙi. Ita ce ke jawo mafi yawan ciwon mafitsara. Ina so ki riƙe wannan da kyau saboda abin da na sha gani a gidaje: ba ciwon da ake ɗauka wajen namiji ba ne, ba alamar ƙazanta ba ce, kuma ba shi ne sanyin da mata ke faɗa ba, mai zubar ruwa da ƙaiƙayi. Kada wani ya ɗora wa wani laifi, kuma kada a ce maganin sanyi na gargajiya zai tsaya a madadinsa.

Lambar nan ta 100,000 ma'anarta yawan ƙwayoyin da aka samu a cikin mililita ɗaya na fitsari, wato abin da bai fi ɗigo ashirin ba. Ita ce iyakar da aka sa. Idan ƙwaya iri ɗaya ta kai wannan yawan a fitsarin da aka ɗiba da tsabta, to galibi a mafitsara take zaune, ba daga fata ko hannu ta faɗa cikin kwalba ba. Wani likita a Amurka mai suna Edward Kass shi ya kafa wannan ma'auni a shekarun 1950, shi ne kuma ya nuna cewa masu cikin da ke ɗauke da ƙwayar ba tare da wata alama ba su ne suka fi kwanciya ciwon ƙoda daga baya, kuma idan aka ba su magani tun da wuri ciwon ba ya zuwa. A cikin mata masu ciki ɗari, biyu zuwa goma ne ake samu da wannan hali. Cikin waɗanda aka bari ba magani kuwa, binciken da aka yi a shekarun baya ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar ciwon yana kai musu ƙoda kafin su haihu. Maganin kwana bakwai yana rage wannan hatsari ƙwarai. A kan haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar awon ciki da ta fitar a 2016, ta ce a ba duk mai cikin da aka samu da shi maganin kwana bakwai.

Ba zan ɓoye miki ba, lissafin nan yana nufin akwai mata da yawa da ba su sha ba kuma suka haihu lafiya. Hajiya za ta iya lissafo miki su, kuma ba ƙarya za ta yi ba. Matsalar ita ce ba wanda ya isa ya duba fuskarki ya ce ke kina cikin waɗanda za su tsallake. Abin da ke jiran wadda ba ta tsallake ba kuwa na gan shi da idona, kuma shi ya sa nake da zafi a kan wannan magana.

Shekarun baya, ina aikin dare a ɗakin haihuwa, aka kawo mana wata yarinya sa'arki, cikin wata bakwai. Lokacin bazara ne, zafin nan na watan Afrilu da ke wuce ma'auni 40. An riƙo ta mutum biyu, jikinta kamar garwashi, ma'aunin zafi ya nuna 39.5, haƙoranta na haɗuwa don rawar ɗari, tana ta amai. Kwana uku ke nan tana haka a gida. Tun ranar farko aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka sayo mata maganinsa a bakin kasuwa, tana sha tana amayarwa. Ban ga laifinsu sosai ba, domin a ƙasarmu zazzaɓi da rawar ɗari da amai sunansu ɗaya a bakin kowa. Muka tsaga yatsa muka gwada, babu zazzaɓin sauro. Na sa ta zauna, na ɗan buga bayanta da gefen hannuna a kwiɓin hagu, ba ta ce komai ba. Da na taɓa na dama sai ta yi ƙara ta gantsare. Fitsarin da ta yi mana a kwalba ya yi kauri kamar ruwan tsari. Ƙoda ce ta kama.

Da na buɗe katin awonta sai na ga takardar gwaji a naɗe a ciki, tun tana wata huɗu. Ƙwayar nan ce dai irin taki, an rubuta magani, ba a saya ba. Ta ce da ni, Inna ai ban ji ciwo ba.

Muka sa mata ƙarin ruwa, muka fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Kafin asuba mahaifa ta fara matsawa duk bayan minti goma. Haka abin yake yi: zazzaɓi mai zafi da dafin da ƙwayar ke saki a jini suna tsokanar mahaifa, ta ɗauka lokaci ya yi. Bugun zuciyar ɗan ya haura 170 a minti, alhali daidai shi ne tsakanin 110 da 160. Likita ya sa aka yi mata allurar da ke gaggauta nunar huhun jariri, saboda mun fara shirin karɓar bakwaini. Allah ya taimake mu, a kwana na biyu zazzaɓi ya sauka, naƙudar ta lafa. Ta yi kwana shida a kwance, ta koma gida da maganin sha har ya cika mako biyu, jininta ya ragu sai da aka ƙara mata maganin ƙarin jini. Ta haihu a wata tara, amma ɗan ya zo ƙarami. Kuɗin da mijinta ya kashe a kwana shidan nan, gado da allurai da ruwa da gwaje-gwaje da zirga-zirgar babur, ya ninka kuɗin waccan takarda sau da yawa. Ita ta yi sa'a. Akwai wadda ƙwayar ke shiga jininta gaba ɗaya, hawan jininta ya faɗi, numfashi ya gagara, a rasa ɗa, wani lokaci har uwar.

Nan ne kariyar jariri take. Abin da aka fi tabbatarwa shi ne magani yana hana ciwon kaiwa ƙoda, kuma ciwon ƙoda a lokacin ciki sananniyar ƙofa ce ta haihuwar bakwaini da ɗa marar nauyi. Uwa ta tsira daga wannan zazzaɓi, ɗa ya samu ya cika watanninsa.

Yanzu ga tsoron Hajiya game da ɓari. A nan ma ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, domin akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ba a ba mai ciki. Dangin tetirasaikilin, irin su doksisaikilin da kafson nan mai ja da rawaya da ake tallarsa a faranti, suna ɓata haƙori da ƙashin jariri. Sifurofuloksasin, wanda masu shago suka fi saurin miƙa wa duk wanda ya ce fitsari, ana guje masa a ciki. Baktirim ba a so a watanni ukun farko da kuma dab da haihuwa, kuma ba a haɗa shi da Fansidan da za a riƙa ba ki a wajen awo don rigakafin zazzaɓin sauro, saboda danginsu ɗaya. Wanda aka rubuta miki ba ya cikin waɗannan. Sefaleksin ɗan uwan fenisilin ne, an shafe shekaru da dama ana ba masu ciki shi a ko'ina a duniya, yana cikin waɗanda aka fi natsuwa da su. Saboda haka hatsarin da ya kamata Hajiya ta tsare ki daga gare shi shi ne na musanya. Maigida zai iya zuwa kantin magani ya ji kuɗin, mai shago ya ce ga wani mai araha, aikinsu ɗaya. Kada a karɓa. A kawo abin da ke rubuce, daga farmasi na gaskiya, a duba ranar lalacewarsa. Idan babu shi, a koma wa wanda ya rubuta ya canja da hannunsa.

Akwai dalili na biyu da ya sa ba a musanya. Ki duba takardarki, a ƙasa ko a bayanta, za ki iya ganin jerin sunayen magunguna, kowanne da harafi a gabansa, S ko R. A ɗakin gwaji bayan sun shuka fitsarinki ƙwayar ta tsiro, sai su jarraba magunguna a kanta. S yana nufin wannan magani yana kashe taki ƙwayar, R yana nufin ta fi ƙarfinsa. Amoksisilin da kowa ya sani, wanda ake sha kamar gyaɗa, yanzu sau da yawa R ne a gaban wannan ƙwaya, saboda yawan shansa barkatai. Mace za ta shanye kwali guda tana ganin ta yi magani, ƙwaya kuwa tana nan daram. Idan jerin yana jikin takardarki, da shi aka zaɓa miki magani.

Wajen sha, ki bi sa'o'in da aka rubuta, ki raba su daidai tsakanin dare da rana. Ni nakan ce wa matana su ɗaure shi da lokutan salla don kada su manta. Idan laulayi bai sake ki ba, ki sha bayan kin ɗan ci wani abu, ko kunu ne. In kina amayar da shi duk lokacin da kika sha, kada ki yi shiru, ki koma a san yadda za a yi. Akwai wani mai suna fosfomisin da ake kaɗawa a ruwa a sha sau ɗaya tak, idan ƙwayarki tana jinsa. Babbar jarrabawarki ita ce cika kwana bakwai. Mai jin zafin fitsari ma yakan ajiye magani a kwana na uku da ya ji sauƙi, balle ke da ba ki da ciwon da zai tuna miki. Wanda aka yanke a tsakiya yakan kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai, su dawo su cika wurin. Idan kin taɓa shan fenisilin ko danginsa jikinki ya yi borin jini, ki faɗa kafin ki fara. In kuma kin fara sai kika ga ƙuraje sun feso, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, ki tsaya ki tafi asibiti nan take. Ɗan sakin ciki, ko ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri bayan an gama, yana faruwa, kuma yana da nasa magani mai sauƙi.

Bayan kin gama da mako ɗaya zuwa biyu, ki koma a sake gwajin. Mata da yawa a nan suke faɗuwa. Tun da ciwon bai yi magana da ya zo ba, ba zai yi magana da ya tafi ba, gwaji ne kaɗai zai nuna. Ki ce musu ECBU kike so, haka sunansa yake a takardun asibitocinmu, wato wanda ake shuka fitsari a jira kwana biyu ko uku. Ya bambanta da ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari duk ranar awo. Shi wancan ya fi amfani wajen neman sukari da furotin. A wajen wannan ƙwaya mai shiru yakan tsallake kusan rabin masu ɗauke da ita. Don haka in tsinke ya ce ba komai, ba a gama magana ba.

Yadda za ki ɗibi fitsarin yana da muhimmanci kamar gwajin kansa, kuma ba kasafai ake tsayawa a yi wa mata bayani ba, sai dai a miƙo kwalba a nuna bayan gida. Ki karɓi kwalbar ɗakin gwaji mai murfi, kada ki wanke kwalbar turare ko ta magani daga gida. Fitsarin farko na safe ya fi, ko wanda ya yi kamar awa huɗu a mafitsara. Ki wanke hannu da sabulu, ki yi tsarki da ruwa mai tsabta daga gaba zuwa baya, ki buɗe gabanki da yatsu biyu. Ki fara fitsarin a ƙasa, na farkon ya tafi, sannan ki tara kwalba a tsakiya ba tare da ta taɓa jikinki ba, ki janye kafin ya ƙare. Ki rufe, kada yatsa ya shiga cikin murfin. Ya isa hannun masu gwaji kafin awa biyu. A zafin Garwa, fitsarin da ya wuni a jaka yana tsirar da ƙwayoyin ƙarya, takarda ta fito da iri biyu ko uku a cakuɗe, a ce a sake, kuɗi ya tafi a banza. In da hali ki yi shi a can wurin gwajin.

Idan sakamako ya fito fes, alhamdu lillahi, sai ki ci gaba da awonki, ki tuna wa malamar awo cewa an taɓa samun ki da shi don ta sa ido. Idan ƙwayar ta dawo, za a sake ba ki magani bisa sabon jerin. Wadda tata ke yawan dawowa, ko mai sikila, ko mai ciwon sukari, wani lokaci likita yakan ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya kowane dare har ta kusa haihuwa.

Ruwa kuma ki sha da yawa, har fitsarinki ya zama fari-fari, kada ki riƙe fitsari don kunyar fita tsakar gida ko don bacci ya yi daɗi, ki kuma yi fitsari bayan kun sadu da maigida. Waɗannan suna taimakawa, amma ba sa kashe ƙwayar da ta riga ta kai 100,000.

Daga yau har ki haihu, idan zazzaɓi ya kama ki, ko rawar ɗari, ko ciwon kwiɓi ɗaya da ba ya lafawa in kin juya kwanciya, ko amai da ya dawo bayan laulayi ya wuce, ko mara ta riƙa ɗaurewa tana saki, ki tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Ki ce a gwada zazzaɓin sauro a kuma duba fitsari, duka biyun, domin ɗaya ba ya hana ɗaya. Ki nuna musu wannan takarda.

Game da gida kuwa, kada ki ja da Hajiya baki da baki, ba za ki ci riba ba, kuma son jikanta ne ya sa ta magana. Ki samu maigida ku kaɗai bayan ya ci abinci, ki karanta masa labarin yarinyar nan da na ba ki, ki bar shi ya yi lissafin kuɗin da kansa. Sannan ki roƙi Hajiya ta raka ki awo na gaba, ki ce kina so ta ji da kunnenta. Na sha zama da iyayen miji a ɗakin awo. Idan aka ba su kujera, aka gaishe su yadda ya kamata, aka nuna musu sunan maganin aka ce wannan ba ya cikin masu ɓarar da ciki, yawancinsu su ne ke komawa su riƙa tambaya ko an sha na azahar. Amma kada ki jira ranar awon kafin ki fara. Idan aka sayo yau, ki sha na farko da daren nan, ki rubuta ranar a bayan katinki, ki ƙirga kwana bakwai, ki ƙara kwana goma a kai, ki sa alama a nan ma, ranar komawa gwaji ke nan.